Fassarar Saƙonnin Rigakafin Kwalara Zuwa Hausa: Matsalar Lafazi da Ɗora wa Magidanta Laifi

1.0 Gabatarwa

Wannan maƙala za ta duba wani ɓangare na aikin fassara da manhajarmu ba ta cika kula da shi ba, wato yadda lafazin saƙo ke sauyawa a lokacin da aka ɗauke shi daga Ingilishi aka mayar da shi Hausa. An zaɓi saƙonnin rigakafin cutar kwalara domin a nan ne aka fi ganin illar wannan sauyi. A shekarar 2021 kaɗai, alkaluman Cibiyar Daƙile Cututtuka ta Ƙasa sun nuna cewa fiye da mutum 100,000 aka yi zaton sun kamu da cutar a Nijeriya, fiye da 3,500 kuma suka rasu, kuma jihohin Bauchi da Kano da Jigawa da Sakkwato da Zamfara suna cikin waɗanda abin ya fi shafa. Da cutar ta ɓulla a Legas a tsakiyar shekarar 2024, an buƙaci sanarwa da Hausa domin mazauna unguwanni irin su Agege da Idi-Araba. Sau da yawa malamin Hausa na makarantar da ke kusa shi ake miƙa wa takardar a ce ya fassara ta kafin wayewar gari. Ke nan ɗaliban da muke horarwa su ne za su yi wannan aiki, ko mun koya masu ko ba mu koya masu ba.

Kafin a shiga maganar harshe, ya kamata a faɗi abubuwa uku game da cutar kanta, domin su ne ma'aunin da za a gwada kowace jimla da shi. Na farko, ƙwayar cutar tana shiga jiki ne ta hanyar ruwa ko abincin da bayan gidan mai ɗauke da ita ya taɓa, kuma alamu kan bayyana tsakanin awa 12 zuwa kwana 5. Na biyu, mafi yawan waɗanda ƙwayar ta shiga jikinsu ba sa nuna wata alama, ko kuma su yi ɗan zawo kaɗan, alhali suna fitar da ita a bayan gidansu na wasu kwanaki. Na uku, wanda cutar ta tsananta gare shi yana iya rasuwa cikin 'yan awoyi saboda ƙarewar ruwan jiki, amma idan an mayar masa da ruwan da wuri, waɗanda ke mutuwa ba sa kai mutum 1 cikin 100. Abin da wannan ke nunawa shi ne, duk jimlar da ta sa mutum ya yi jinkirin fito da majinyacinsa, ko da na rabin yini ne, ta yi ɓarna, komai kyan nahawunta.

2.0 Kalmar “ƙazanta” da nauyin da take ɗauke da shi

A wani zaman horar da malamai da na taɓa jagoranta, na ba mahalarta wata jimlar Ingilishi irin wadda ake yawan gani a takardun faɗakarwa. Ma'anarta ita ce kwalara tana yaɗuwa ta hanyar gurɓataccen ruwa da ƙarancin hanyoyin tsaftace jiki da muhalli. Mafi yawansu sun fassara ta kamar haka:

(1) Ƙazanta ce ke kawo kwalara.

Ta fuskar nahawu babu aibi a jimlar, gajeriya ce, tana kuma da daɗin faɗa a rediyo. Matsalar tana cikin kalmar farko. Kalmomin Ingilishin da aka fassara na ma'aikatan lafiya ne, suna bayyana yanayin da wuri yake ciki ba tare da sun nuna kowa ba. Ita kuwa “ƙazanta” a Hausa hali ce ta mutum. Daga gare ta ake samun “ƙazami” da “ƙazama”, kuma duk Bahaushe ya san cewa a ce wa matar aure ƙazama zagi ne da kan iya kai wa ga yaji. Haka kuma kishiyarta, wato tsafta, tana da alaƙa da addini a tunanin jama'a, ta yadda wanda aka ce ba shi da ita zai ji kamar an taɓa mutuncinsa da ibadarsa gaba ɗaya. Saboda haka, magidancin da ya ji jimla ta (1) da safe, da yamma kuma ɗansa ya fara amai da gudawa, ya riga ya san abin da maƙwabta za su ce idan suka ga an fita da yaron. Sai ya fara da jiƙo, ko ya aika a sayo ƙwaya a kemis, ya jira dare ya yi.

Ban da wannan, jimlar ba ta faɗi gaskiya cikakkiya ba. Gidan da ake sharewa sau biyu a rana, ake wanke randa, ake rufe abinci, yana iya kamuwa idan ruwan da ɗan garuwa ya kawo an ɗebo shi ne daga rijiyar da ambaliya ta haɗa da masai. Wanda ke haya a ɗaki ɗaya cikin gida mai ɗaki goma sha biyar da makewayi ɗaya, irin gidajen da 'yan ci-rani da yawa ke zaune a Sabo ta Ibadan ko Ama Hausa a garuruwan gabas, ba shi ya tsara magudanar ruwan unguwar ba. Idan aka ce masa ƙazantarsa ce, an ɗora masa laifin abin da ba ya hannunsa, an kuma bar shi ba tare da an gaya masa abin da yake hannunsa ba. Fassarar da muka tsaya a kanta a ƙarshen zaman ita ce:

(2) Ƙwayar kwalara tana shiga jiki ta ruwa ko abincin da ya gurɓace. Ba a ganinta da ido, kuma tana iya shiga kowane gida.

Wani daga cikin mahalarta ya yi ƙorafin cewa an tsawaita magana, an kuma ƙara abin da babu shi a asali. Gaskiya ne an ƙara. To amma jimlar Ingilishin ba ta zargi kowa ba, kuma idan ana son ta Hausa ta yi daidai da ita a wannan fuska, sai an toshe ƙofar zargin da Hausa ke buɗewa. Abin da aka ƙara yana cikin bayanan da likitoci suka tabbatar, ba ra'ayin mai fassara ba ne. A nan ne ya kamata ɗalibi ya gane cewa riƙon amana a fassara ba ya tsayawa ga ƙirga kalmomi.

A lura kuma da siffar aikatau. Hausa tana da “gurɓata”, wanda ke buƙatar mai aikatawa da abin da aka aikata wa, tana kuma da “gurɓace”, wanda ke bayyana halin da abu ya shiga kawai. A tsarin giredin aikatau da Parsons ya fitar a 1960, na farko ɗan giredi na 1 ne, na biyu kuwa ɗan giredi na 4. “Kun gurɓata ruwa” tuhuma ce. “Ruwa ya gurɓace” labari ne. Haka nan “yaro ya kamu da kwalara” ya bambanta da “yaro ya ɗauko kwalara” ko “sun jawo wa kansu kwalara”, domin biyun ƙarshe suna nuna cewa wani ya je ya kwaso abin da ƙafarsa. Ɗalibanmu sukan haddace giredin nan domin jarrabawa, amma ba safai ake nuna masu cewa zaɓen giredi yana iya zama zaɓe tsakanin zargi da bayani ba.

3.0 Wa ake yi wa magana?

Umarni a Ingilishi ba ya nuna jinsi ko adadin wanda ake umarta. Hausa kuwa ba ta barin mai fassara ya wuce wannan wuri shiru. Sai ya zaɓa tsakanin “ka”, “ki”, “ku”, “mu” da “a”. Kowane zaɓi yana da abin da yake jawowa.

Abin da na fi gani a rubuce-rubucen ɗalibai shi ne, da zarar saƙo ya shafi ruwan sha ko abinci ko kashin yara, sai hannunsu ya tafi ga “ki”: ki tafasa ruwa, ki rufe abinci, ki wanke hannu bayan kin yi wa yaro tsarki. Ana iya cewa ai mata ne ke waɗannan ayyuka. Amma idan takarda ta jera umarni bakwai duka da “ki”, ta riga ta yanke hukuncin wanda za a tuhuma idan wani ya kwanta. Sannan ta manta cewa tafasa ruwa yana buƙatar itace ko gawayi ko kananzir, sabulu kuɗi ake sa wa, kuma a gidaje da yawa mace ba za ta fita da yaro asibiti ba sai maigida ya sani. An ba ta umarnin da cika shi ke hannun wani, shi kuma wanin ba a yi masa magana ba.

“Ku” ta fi adalci, domin ta haɗa mutanen gida duka, kuma ita ce ta girmamawa. Sai dai tana raba mai magana da masu sauraro gida biyu: mu masana, ku masu buƙatar gyara. Idan ta haɗu da “kada” ko “daina”, sai ta zama faɗa. “Ku daina bahaya a fili” tana ɗauke da zaton cewa mai sauraro yana yi. “Mu” tana gyara wannan idan mai faɗar saƙon ɗan unguwa ne, kamar limami ko mai unguwa ko sarkin Hausawa, wanda yake shan ruwan da kowa ke sha. Amma idan jami'in da ya zo da mota daga hedikwata ya ce “mu riƙa tafasa ruwanmu”, jama'a sun san ba ruwa ɗaya suke sha da shi ba.

Saura “a”, wadda ba ta nuna kowa. Ita ce Hausa ta saba amfani da ita a shela da sanarwa, kuma ita ce ta fi kauce wa zargi. A ganina ita ta fi dacewa da yawancin matakan rigakafi: a tafasa, a rufe, a wanke. Amma tana da rauni guda da ya kamata a nuna wa ɗalibai. Aikin da aka ce “a yi” kowa yana iya ɗauka wani ne zai yi. Idan aka ce “a sa maganin kashe ƙwayoyin cuta a rijiya”, ba a san ko mai gida ake nufi ko ƙaramar hukuma ba. Don haka a wuraren da jinkiri ke kisa, ko inda aiki ya rataya a wuyan wani takamaimai, gara a ambaci mai aikin:

(3) Duk wanda yake kusa da majinyaci ya fara ba shi ruwan gishiri da sukari nan take, kada a jira dawowar maigida.

(4) Maigida, a tanadi sabulu da abin tafasa ruwa. Uwargida, a ci gaba da ba jariri nono ko da yana gudawa.

A misali na (4) an kira kowa da sunan da yake jin daɗinsa, an ba shi aikin da ke hannunsa, sannan an bar aikatau a siffar “a” domin ladabi. Wannan salo ne da Hausawa suka saba da shi a maganar yau da kullum, kamar yadda ake ce wa baƙo “a shigo” ko “a zauna”.

Game da “dole” da “wajibi ne” da “tilas”, ba na cewa a kore su. A ajiye su domin wuri ɗaya ko biyu da suka cancanta, kamar garzayawa asibiti. Takardar da kowane layi nata ya fara da “dole” ba ta nuna wa mai karatu abin da ya fi gaggawa ba.

4.0 “Ruwa mai tsafta” da “wanke hannu”

Cire zargi daga saƙo rabin aiki ne. Idan aka tausasa lafazi har saƙo ya rasa abin da yake umarta, nan ma an yi asara. Misali mafi sauƙi shi ne “a sha ruwa mai tsafta”. Babu wanda zai yi musun wannan, kuma babu wanda zai sauya komai saboda ita, domin kowa yana ganin ruwan randarsa mai tsafta ne. A wurin mafi yawan mutane, ruwa mai tsafta shi ne wanda yake garau, babu laka, babu wari. Shi ya sa ake jefa alif a ruwa ya kwanta, sai a ce ya gyaru. Alif yana kwantar da laka, amma ba a dogara da shi wajen kashe ƙwayar kwalara. Akwai kuma “ruwa mai tsarki”, wanda ma'auninsa na fikihu ne, wato wanda launinsa da ɗanɗanonsa da ƙanshinsa ba su sauya ba. Ruwa yana iya cika wannan sharaɗi, ya halatta a yi alwala da shi, amma yana ɗauke da ƙwayar cutar. Mai fassara ya guji cakuɗa kalmomin biyu, kada ya shiga hurumin malamai ba tare da ya sani ba. Mafita ita ce a bar siffanta ruwan, a faɗi aikin da za a yi masa:

(5) A tafasa ruwan sha har ya yi ta tafarfasa na minti ɗaya, a bar shi ya huce a rufe. Idan ƙwayar kulorin aka samu, a sa ta daidai da yawan ruwan da aka rubuta a jikin fakitinta, a jira minti 30 kafin a sha.

An zaɓi “tafarfasa” da gangan, domin wasu suna sauke ruwa da zarar ya fara ƙara ko ya yi zafi. Sannan sai a ƙara maganar moɗa, domin ruwan da aka tafasa yana sake gurɓacewa idan hannaye da yawa suna tsoma moɗa a cikinsa. “A ware moɗa ɗaya mai mariƙi domin ɗiba kawai, a zuba a wani kofi a sha” ta fi “a kula da tsaftar randa” amfani nesa ba kusa ba.

“A wanke hannu” ma haka take. Bahaushe yana wanke hannu kafin cin tuwo, yana alwala sau biyar a rana, don haka idan aka ce masa ya riƙa wanke hannu zai ji an raina shi. Abin da saƙon ke nufi ya bambanta da abin da ya saba ta fuska biyu, wato sabulu, da kuma zuba ruwa daga buta maimakon kowa ya tsoma hannu a kwano ɗaya. Idan fassara ba ta fito da waɗannan biyun ba, ba ta ce komai ba. Kyakkyawar dabara ita ce a fara da amincewa da abin da mutane suke yi, sannan a ɗora sabon: “Kamar yadda aka saba wanke hannu kafin cin abinci, a wannan lokaci a haɗa da sabulu, wani ya zuba wa wani daga buta.” A ambaci lokutan da sunansu: bayan fitowa daga makewayi, bayan yi wa yaro tsarki, kafin girki, kafin ci ko ba yaro abinci. Na biyun yana da muhimmanci, domin akwai masu ɗaukar kashin jariri ba ya cutarwa, alhali yana ɗauke da ƙwayar kamar na babba.

5.0 Ma'aunin ruwan gishiri da sukari

Wannan shi ne wurin da kuskuren mai fassara yake iya cutar da yaro kai tsaye. Abin da likitoci suka fi so shi ne garin da ke cikin fakiti, wanda ake rubuta haruffan ORS a jikinsa, a narkar da shi a adadin ruwan da aka rubuta a fakitin. Ba duk fakiti ne na lita ɗaya ba, saboda haka kada mai fassara ya rubuta “lita ɗaya” daga kansa sai ya ga irin wanda ake rabawa a wurin. Inda babu fakiti, haɗin gida da aka fi yaɗawa a yanzu shi ne lita 1 ta ruwan da aka tafasa ya huce, sukari cokalin shayi 6, gishiri rabin cokalin shayi.

Kalmomi uku ne ke ba da wahala a nan. Ta farko “cokali”. Idan aka bar ta haka ba a ce “na shayi” ba, za a ɗauko cokalin cin abinci, wanda ya ninka na shayi kusan sau uku. Ta biyu ita ce kalmar Ingilishin da ke nufin a daidaita abin da ke cikin cokali da bakinsa. Ɗalibai sukan tsallake ta, ko su ce “cike”, alhali a kasuwa da ɗakin girki “cike” yana nufin har da tozo. Abin da za a rubuta shi ne “a shafe bakin cokalin, kada a yi masa tozo”. Ta uku “lita”. Mazauna birni suna da ma'auni a hannu, domin ledar fiya wata da aka fi sayarwa rabin lita ce, biyu ke nan lita ɗaya, amma a ce a duba abin da aka rubuta a jikin ledar.

Akwai wani tarko da ya kamata malamai su sani. A shekarun 1980 an yaɗa wani ma'auni a Nijeriya wanda ya dogara da kwalbar giya ɗaya ko kwalaben lemo biyu, da gishiri cokali ɗaya, da sukari cokali goma. Ambaton kwalbar giya a saƙon da ake aika wa gidajen Musulmi shi kansa darasi ne ga mai fassara, ga shi kuma girman kwalaben lemo ya sauya tun daga wancan lokaci. Iyaye mata da yawa sun haddace wancan ma'auni, wasu malamai ma haka. Haɗarin yana cikin gauraya su. Wanda ya ɗauki “cokali ɗaya” na tsohon ma'auni ya zuba a lita ɗaya ya ninka gishirin sabon ma'auni sau biyu. Idan kuwa a ledar fiya wata ɗaya ya zuba, ya ninka shi sau huɗu, kuma gishiri mai yawa haka yana da haɗari ga ƙaramin yaron da ruwan jikinsa ya riga ya ragu. Ƙa'idar da za a koya wa ɗalibi ita ce, mai fassara yana da ikon sauya lafazi da tsarin jimla, amma ba shi da ikon taɓa adadi. Idan ya ga saɓani tsakanin takardar da aka ba shi da abin da ya sani, ya koma wa jami'in lafiyar da ya kawo takardar.

Ga yadda sashen kula da majinyaci zai iya fitowa bayan an yi la'akari da duk abin da ya gabata:

(6) Idan wani ya fara gudawa mai ruwa-ruwa, musamman mai kama da ruwan wankin shinkafa, ko da amai ko babu, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari kaɗan-kaɗan, a kama hanyar asibiti ana ba shi a hanya. Idan ya yi amai, a dakata minti 10 a ci gaba a hankali. Idan idanunsa suka faɗa, ko ya kasa sha, ko jikinsa ya saki, dole a hanzarta, ko da tsakar dare ne. Abin da aka haɗa ya yi awa 24, a zubar a haɗa sabo. Kwalara tana warkewa idan an zo da wuri, kuma ba abin kunya ba ce.

Za a ga cewa an siffanta alamar maimakon a dogara ga sunan cutar. Dalili shi ne “amai da gudawa”, wanda Hausawa suka fi kiran cutar da shi, yana sa wasu su jira sai alamun biyu sun haɗu, alhali gudawar kaɗai ta isa a tashi. “Kwalara” kuwa suna ne mai firgitarwa, kuma mutanen gida ba su da hanyar tabbatar da ita. An kuma sa “a kama hanyar asibiti” a jimla ɗaya da ba da ruwan, domin kada a ɗauka ruwan gishiri da sukari ya maye gurbin zuwa asibiti. Mai tsananin ciwo ƙarin ruwa ta jijiya yake buƙata.

6.0 Yadda za a shigar da wannan cikin darasi

Jarrabawar fassara da muka saba tana ba da maki ne ga daidaiton ma'ana da nahawu da ƙa'idojin rubutu. A wannan ma'auni jimla ta (1) za ta ci maki cikakke. Shawarata ita ce a ƙara tambayoyi biyu a takardar ba da maki na irin wannan aiki: shin akwai wanda jimlar ta tuhuma wanda asalin bai tuhuma ba, kuma shin mai sauraro zai san abin da zai yi da hannunsa bayan ya ji ta?

Hanyar gano amsar ba ta cikin aji. A sa ɗalibi ya karanta fassararsa da baki ga mutum uku ko huɗu da ba su yi boko ba, mace da namiji, ba tare da ya yi ƙarin bayani ba. Kada ya tambaye su ko sun gane, domin ladabi zai sa su ce sun gane. Ya ce su maimaita abin da aka ce a yi, ya ba su cokula iri-iri da gishiri su auna a gabansa, sannan ya tambaya: “A ganinki, Inna, wa wannan magana ta ce shi ne da laifi?” Wata ɗaliba da ta yi wannan gwaji da fassarar da ta yi amfani da “ki” daga farko har ƙarshe ta dawo ta ba mu labarin cewa dattijuwar da ta karanta wa ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, “'Yar nan, duk wannan ni kaɗai? Shi malam ba a ba shi nasa ba?” Ɗalibar ta sake rubuta takardar a daren, ta raba ayyukan kamar yadda aka nuna a misali na (4).

Ga masu koyon Hausa a matsayin harshe na biyu, waɗanda su ne da yawa a makarantun kudu, wannan gwaji ya fi zama tilas, domin ƙamus zai ba su “ƙazanta” a matsayin fassara daidai, ba zai gaya masu yadda take sauka a kunnen matar gida ba. Haka kuma a ja hankalinsu ga karin harshe. Abin da wani ke kira masai, wani salga yake cewa, wani shadda, wani kuma makewayi ko bayan gida. Wani na cewa zawo, wani gudawa. A unguwannin Hausawa na kudu, inda Bakano da Basakkwace da mutumin Damagaram suke zaune a layi ɗaya, babu laifi a jera kalmomi biyu a karon farko, sannan a ci gaba da ɗaya. Darasi biyu na awa ɗaya-ɗaya, da aikin fita guda a tsakaninsu, sun isa a gudanar da wannan a zangon da ake koyar da fassara a aikace, muddin an gayyaci ma'aikacin lafiya ya duba adadin da ke cikin kowace takarda kafin ɗalibai su fita da ita.